Ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe

Wannan shi ne nau'in ƙarancin jini da ya fi yawa a duniya. Yana samuwa ne idan ƙarfen da ke jiki ya gaza wajen haɗa himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin cikin jini. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa jini ya yi ƙasa idan himogulobin bai kai giram 13 a kowace desilita ta jini ba ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu, sai dai a watanni ukun tsakiyar ciki ma'aunin 10.5 ne. Alamominsa sun haɗa da kasala, haki, jiri, ɗashewar tafin hannu da cikin fatar ido, wani lokaci har da kwaɗayin cin ƙasa ko ƙanƙara.

Sanadi

Ga baligai, galibi zubar jini ne: haila mai yawa, tsutsar ciki, ko gyambon ciki. Goyon ciki da girman yaro suna ƙara buƙata.

Abinci da yadda hanji ke tsotsa

Baligi na asarar kusan miligiram 1 na ƙarfe a rana, kuma a farkon ƙaramin hanji ake mayar da gurbinsa. Ƙarfen abinci iri biyu ne. Na hanta, jan nama da kifi, jiki kan ɗauki kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari. Na wake, hatsi da ganyaye kuwa, kashi 2 zuwa 20 ne, kuma abin da aka haɗa shi da shi ne ke ƙayyade yawan da zai shiga.

A nan ne aka fi yin asara. Shayin da aka kora abinci da shi yana rage tsotsar da kusan kashi 60, saboda sinadarin tanin da ke ɗaure ƙarfe. Kofi ma yana ragewa, sai dai bai kai shayi ba. Misali, kwanon wake mai miligiram 3, in jiki ya ɗauki kashi 5, an samu miligiram 0.15, da shayi sai ya koma kusan 0.06. Jinkirta shayin da awa guda yana rage wannan illa sosai. Sinadarin faitet da ke cikin dusar hatsi da wake shi ma yana hanawa, amma jiƙawa, tsirarwa ko barin ƙullu ya yi tsami na karya ƙarfinsa. Bitamin C na lemu, tumatir da tattasai, in an ci a zama ɗaya, yana iya ninka abin da ake tsotsa. Ɗan nama a cikin wake ma yana taimakawa.

Kalsiyam na madara yana ragewa a ci ɗaya, amma masana sun saɓa kan tasirinsa na dogon lokaci.

Magani

Abinci kaɗai ba kasafai yake cike giɓin da ya riga ya samu ba. Ana ba da ƙwayar ƙarfe, wadda kan mayar da bayan gida baƙi, a ci gaba da sha kusan wata 3 bayan jini ya daidaita. Ga namiji ko macen da ta daina haila, wajibi ne a binciki inda jini ke zuba.