Ma'anar “swallow” a takardar abinci, da abin da take ɓoyewa game da tuwo

Duk wanda ya saba shiga gidan abinci a Kano, Kaduna ko Abuja ya ga kalmar nan “swallow” a saman wani sashe na takardar abinci. A ƙarƙashinta ake jera tuwon shinkafa, tuwon masara, sakwara, teba, amala da semo. Kalmar ta Turancin Najeriya ce, an samo ta daga haɗiya, tana nufin duk abincin da ake gutsura da hannu, a dangwala a miya, a haɗiye ba tare da an tsaya tauna sosai ba. Baƙon da ya taso a Ingila bai san ta da wannan ma'ana ba. A wurinsa aikin haɗiya ne, ko kuma sunan tsuntsun nan tsattsewa.

Ba na ganin laifin kalmar idan ta tsaya a matsayin kan sashe, domin tana faɗa wa mai ci yadda ake cin abin. Inda nake jin ciwo shi ne a ce ita ce fassarar tuwo, a rubuta “rice swallow” a wuce. Ta faɗi yadda abincin ke wucewa a maƙogwaro, ta yi shiru a kan duk abin da ya faru a tukunya. Tuwon shinkafa ana dafa shinkafar ne har ta yi luguf, a tuƙa da muciya, a kwashe malmala-malmala. Tuwon masara da na dawa da talge ake fara su, sai ya nuna a zuba gari a tuƙa, a rufe ya turara. Sakwara dafaffiyar doya ce da aka kirɓa a turmi, teba kuwa garin rogo ne da tafasasshen ruwa. Aikin hannu huɗu daban, ɗanɗano huɗu daban, an zuba su a buhu ɗaya.

Wasu masu gidajen abinci sukan guji wannan kalma, sai su faɗa wani ramin: neman abincin Turawa da ya yi kama da namu. Daga nan ake samun “rice pudding” a matsayin tuwon shinkafa. Wanda ya san abincin da ke da wannan suna zai zauna yana jiran shinkafa da madara da sukari, abin zaƙi na bayan cin abinci, sai ga malmala da miyar kuka a gabansa. Haka “porridge” ya fi kusa da kunu ko koko. Irin wannan fassarar ta fi rashin fassara illa, domin ta yi wa mai ci alkawarin abin da ba za a kawo masa ba.

Hanyar da ta fi tsare gaskiyar abinci ita ce a bar masa sunansa, a sa layi ɗaya na bayani a ƙasa. Layin ya amsa tambaya uku: da me aka yi shi, yaya aka sarrafa shi, yaya ake cinsa. Ga yadda kwano ɗaya zai fito:

Tuwon shinkafa da miyar kuka
Soft-cooked rice, mashed and moulded, eaten with a savoury sauce of powdered baobab leaf, fermented locust beans and beef.

Kowace kalma a nan da dalilinta. “Mashed and moulded” ita ta ɗauki tuƙi da malmala, ta raba tuwo da dafaffiyar shinkafa. “Leaf” kuwa kada a kuskura a bar ta. A ƙasashen waje garin 'ya'yan kuka aka fi sani, farin nan mai tsami-tsami da ake zubawa a abin sha, don haka idan aka rubuta “baobab soup” kawai, mai karatu zai iya zaton miya mai tsami ce. Tamu ta busasshen ganye ce da aka daka aka tankaɗe, koriya mai yauƙi. Daddawa ma ta cancanci a ambace ta. Kalwa ce, wato ƙwayar ɗorawa, da aka dafa aka rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, kuma ita ce ƙamshin da ke fara tarar mutum kafin ya kai loma. “Fermented” ta shirya hancin baƙo tun kafin kwano ya iso.

Sai batun miya. A Najeriya kowa “soup” yake cewa, kuma idan masu cin gidan 'yan ƙasa ne babu damuwa. Amma a otal ɗin da baƙin waje ke sauka, “soup” abu ne mai ruwa da ake sha da cokali shi kaɗai, wanda ya fi kama da romo ko farfesu. Shi ya sa na zaɓi “sauce”, na haɗa da “eaten with”, don a gane miya mahaɗi ce. Wanda ya fi son “soup” yana iya barinta, muddin bai zubar da “eaten with” ba.

Akwai masu tsoron cewa sunan Hausa zai kori baƙo. Suya ta isa amsa: ba a taɓa sauya mata suna ba, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da ita, aka sanar a farkon 2025 tare da eba. Duk da haka Bahaushe ya san suya a asali aikin soyawa ne, naman tsinke sunansa tsire, kuma balangu daban yake. Gidan abincin da ke sayar da duka biyun gara ya rubuta kowanne da sunansa. A rubuta sunan kuma daidai: tuwon shinkafa ne, ba “tuwo shinkafa” ba, ɗan wake kuma da ƙugiyarsa.

Ta yaya za a gane bayani ya yi? A rufe sunan Hausar da yatsa, a karanta wa mai girkin bayanin, a mayar mata da shi Hausa, a ce ta faɗi abincin. Idan ta ce tuwon shinkafa miyar kuka nan take, an dace. Idan ta tambaya “wanne daga ciki?”, da sauran aiki. Dambu yakan faɗi wannan gwaji ta ɗaya fuskar, domin sunan kaɗai bai isa ba: dambun nama dakakken nama ne da aka soya ya yi warwar, dambun shinkafa kuwa ɓarzajjiyar shinkafa ce da aka turara da zogale. Mai gudun nama da mai nemansa duka suna buƙatar kalmar ta biyu.

Abu ɗaya da ba a yi masa rowar wuri ko da layin ya yi tsawo shi ne gyaɗa. Tsire da garin ƙuli-ƙuli ake barbaɗe shi, labun kilishi da tunkuza ake haɗa shi, miyar taushe ma da gyaɗa ake kaɗa ta. Akwai mutanen da ɗan kaɗan daga cikinta ke kumbura musu maƙogwaro har numfashi ya gagara. Wanda ya rubuta “beef jerky” a gaban kilishi ya ɓoye wannan gaba ɗaya. A rubuta kilishi, a bi shi da “thin sun-dried beef coated in spiced peanut paste, then roasted”, a kuma fito da “contains peanuts” da manyan baƙaƙe inda ido zai fara sauka.