Bin doka, ɗa'ar kasuwanci da hidimar kamfani ga al'umma: yadda ake bambanta su a gajeriyar amsa

Da hutun da ya wuce ƙanena Sani ya dawo gida Kura da takardar gwajin da suka yi a darasin kasuwanci, ransa a ɓace. Tambaya ce mai maki 6: a bambanta bin doka da ɗa'ar kasuwanci da abin da ake taƙaitawa da CSR, wato hidimar kamfani ga al'umma, a kawo misali ɗaya-ɗaya. Ya cika rabin shafi, aka ba shi maki 2. Ya ce, "Yaya, wallahi na san abin nan." Da na karanta sai na ga inda gizo ke saƙar. Sau uku ya faɗi magana ɗaya, cewa kamfani ya zama nagari, sai dai kowane karo ya sake mata riga.

Na ce masa ya ajiye littafi, mu ɗauki injin casar shinkafa irin waɗanda ke bakin titin Zariya. A ce mai injin yana da ma'aikata 40, yana sayen shanshera daga manoman rani, yana zuba ta a buhu mai kilo 50. Duk abin da ya yi ko ya bari, tambaya ɗaya ce ke nuna gidan da abin ya faɗa: idan ya ƙi yi, wa zai kama shi, kuma me zai same shi?

Bin doka shi ne mafi sauƙi, don amsar tana da suna da ofis. Ya yi wa kamfaninsa rajista da hukumar CAC, ya samu lambar NAFDAC a jikin buhu, ya biya haraji. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama naira 70,000 a 2024, kuma dokar ta hau kansa tunda ma'aikatansa sun kai 25. Da su goma ne da ba ta hau ba. Idan ya rubuta kilo 50 ya zuba 47, ya karya dokar awo. Ƙin yin waɗannan tara ce, ko rufe injin, ko kotu. A amsa, kalmomin da mai gyaran takarda yake nema su ne tilas, hukuma, hukunci.

Ɗa'a ce take wahalar da ɗalibai, kuma a nan muka daɗe. Ga manomi ya karɓi bashin taki wurin mai injin tun lokacin dashe, a kan zai biya da shanshera. Kaka ta yi, mai injin ya san mutumin nan ba shi da wurin tsira, sai ya yanka masa farashi ƙasa da na kasuwa. Ba wani sashen doka da zai kai shi gaban alƙali a kan wannan, tunda sun yi yarjejeniya. Amma kowa a majalisa ya san an ci zalin bawan Allah. Ko kuma a ce ya ajiye kuɗin manoma wata biyu yana juyawa, kullum "gobe ka dawo". Ɗa'a tana magana ne a kan yadda ake neman kuɗin: ciniki, awo, alkawari, yadda ake riƙe ma'aikaci. Mai kama shi a nan zuciyarsa ce da bakin mutane, wani lokaci da ƙungiyar 'yan kasuwa. Hukuncinsa zubewar mutunci, da manoman da za su kai kayansu wani injin baɗi.

Sai a lura, tauye awo yana shiga gida biyu. Laifi ne a doka, kuma rashin gaskiya ne. Shi ya sa ba na son a kawo shi misali idan an ce a bambanta. Misalin da ke cin maki shi ne wanda doka ta yi shiru a kansa amma ɗa'a ta hana, kamar na manomin nan mai bashin taki.

Hidima ga al'umma kuwa abu ne da kamfani ya ɗauka da kansa, ya ware masa kuɗi, don amfanin mutanen da aikinsa ya shafa ko suke zagaye da shi. Mai injin ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyen da ke bayan katangarsa, ko ya gyara ajujuwa biyu a firamare, ko ya zuba marmara a hanyar da manyan motocinsa suka lalata. Idan bai yi ba, babu mai ƙararsa. Sani ya tambaye ni ko zakkar da Alhaji mai injin yake fitarwa ta shiga nan. A ganina kada ya rubuta ta. Zakka farilla ce ta addini a kan dukiyar mutum, ba zaɓin kamfani ba ce, kuma mai gyaran takarda zai ga an haɗa abu biyu.

Kuskuren da ya fi cin makin Sani shi ne ya rubuta cewa kamfanin da ya haƙa rijiya ya nuna ɗa'a. Ba lallai ba. Mai injin zai iya haƙa rijiya da safe, a ɗauki hoto da hakimi, da yamma ya zubar da ɓuntu da ruwan turara cikin magudanar da ake ban-ruwa da ita. Rijiyar tana nan a matsayin hidima, amma ba ta goge laifin gurɓata ruwa ba, kuma ba ta mayar wa manomin nan haƙƙinsa ba.

Ga yadda muka sake rubuta amsar. Bin doka shi ne cika abin da hukuma ta wajabta, ƙin yi na jawo hukunci, misali biyan mafi ƙarancin albashi. Ɗa'ar kasuwanci ita ce bin gaskiya da adalci a cikin harkar kanta ko da doka ba ta tilasta ba, misali sayen shanshera a farashin kasuwa daga manomin da ake bi bashi. Hidima ga al'umma ita ce abin da kamfani ya yi bisa raɗin kansa don amfanin jama'a da muhalli fiye da abin da doka ta nema, misali haƙa rijiya a ƙauyen da ke maƙwabtaka da injin. Jimla uku, kowace da ma'ana da misali. Tunda makin 6 ne, galibi ɗaya na ma'ana ne ɗaya na misali a kowane sashe, don haka dogon sharhi ba ya ƙara komai.

Akwai wurare biyu da wannan rabon yake cijewa. Wasu malamai suna koyar da zanen dala da masani Archie Carroll ya fitar a 1991, wanda ya ɗauki CSR a matsayin babbar rumfa mai hawa huɗu: neman riba, bin doka, ɗa'a, da kyautatawa. A wurinsa doka da ɗa'a duk suna ƙarƙashin rumfar. Saboda haka idan tambaya ta ambaci sunansa ko ta ce a lissafa matakai, hawa huɗun nan ake so. Idan ta ce a bambanta, sai a koma ga jimla ukun.

Na biyu, kalmar "raɗin kai" ba ko'ina take tsayawa ba. Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin haƙar mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata a asusun garuruwan da suke haƙa. Indiya ma tun dokar kamfanoni ta 2013 ta ɗora wa manyan kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Makarantar da aka gina da irin wannan kuɗin, a ido hidima ce, amma a takardar jarrabawa bin doka ne, tunda akwai mai kama wanda ya ƙi. Sani ya ce to rijiyar mai injinmu fa? Na ce ita tana nan inda muka ajiye ta, don injin casa ba ya cikin wannan dokar.