Me ake nufi da "son kai" a tambayoyin jarrabawa?

Duk lokacin da sakamakon JAMB ko WAEC ya fito, ba ka raba shirye-shiryen rediyo da kalmar "son kai". A 2025 abin ya fi ƙamari, bayan hukumar JAMB ta amince cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har shugabanta na lokacin Farfesa Is-haq Oloyede ya fito ya ba da haƙuri. Wannan matsalar na'ura ce, babu ruwanta da yadda aka rubuta tambayoyi. To amma tun daga nan, ko jarrabawar gwaji aka yi a wata sakandare a nan Jos wasu yara suka faɗi, sai ka ji mai kiran waya ko ɗan siyasa ya ce an yi son kai a tambayoyin. In ka nemi hujja, ba ta wuce cewa yaran wani ɓangare, ko 'yan mata, sun fi faɗuwa.

Wannan hujjar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Faɗuwar wani ɓangare ba ta nuna tambayoyi sun karkata. Idan makarantar ƙauye ta shekara babu malamin lissafi, yaranta za su faɗi ko da wane ne ya tsara jarrabawar. An zalunce su, babu shakka, amma tun a aji aka yi zaluncin, jarrabawa fallasa shi kawai ta yi. Wanda ya ɗora laifin a kan tambayoyi ya wanke masu laifin gaskiya.

A wurin masana auna ilimi ma'anar a taƙaice take. Tambaya ta karkata idan ɗalibai biyu da suka yi daidai a sanin darasin ba su da dama ɗaya ta cin ta, saboda wani abu da ba ya cikin darasin, kamar jinsi, ko al'ada, ko inda mutum ya taso. Sharaɗin shi ne su zama daidai a sani.

Ga misali. A ce malamin lissafi ya rubuta haka: ƙungiyar ƙwallo ta buga wasa 12, ba a ci ta ko sau ɗaya ba, ta tara maki 28, wasa nawa ta ci? Lissafin ba wuya. Nasara maki 3 ce, kunnen doki maki 1. Da duk wasannin kunnen doki ne da maki 12 za ta samu. Ragowar maki 16 daga nasarori ya fito, kowace nasara tana ƙara 2 a kan kunnen doki, ke nan ta ci wasa 8 ta yi kunnen doki 4. Sai dai a duba da kyau: babu inda tambayar ta faɗi makin nasara da na kunnen doki. Malamin bai ga buƙatar faɗa ba, don a wurinsa kowa ya sani. Yaron da ke kwana a gidan kallon ƙwallo, ko yake bin Plateau United, ya sani. Yarinyar da ba a bari ta leƙa gidan kallo, ko da ta fi shi iya lissafi, za ta tsaya tana kallon takarda. Babu mugun nufi a zuciyar malamin, kuma yawanci haka abin yake faruwa. Shi ya sa kalmar "son kai" take ɓatar da mutane, sai su tafi neman wanda ya ƙulla makirci alhali takardar ya kamata su duba.

Ta hanya biyu ake gano irin wannan. Ta farko, kafin jarrabawa, a ba wasu malamai su karanta, kuma kada su zama duk iri ɗaya. A samu mace da namiji, Musulmi da Kirista, wanda ya koyar a cikin gari da wanda ya koyar a ƙauyukan Riyom ko Bassa. A kowace tambaya abu ɗaya za su tambayi kansu: me yaro ke buƙatar sani kafin ya amsa wannan, wanda ba a koyar a aji ba? Jos ma ta fi ko'ina buƙatar haka, don a benci ɗaya za ka tarar da Birom da Bahaushe da Ibo da Angas. Kuma mu ma muna iya yi wa wasu: tambayar da ta ɗauka kowa ya san acca ko noman dankalin Turawa za ta yi wa yaron Bokkos daɗi, ta rikita wanda iyayensa suka dawo daga Fatakwal bara.

Hanya ta biyu sai bayan an yi maki. Ba a kwatanta duka maza da duka mata, nan ne masu kiran waya suke kuskure. Ana fara kasa ɗaliban gida-gida bisa jimillar makinsu a darasin: na sama, na tsakiya, na ƙasa. Sannan a cikin kowane gida a duba tambayar ita kaɗai. A ce a gidan tsakiya kashi 70 cikin ɗari na maza sun ci tambayar ƙwallon, mata kashi 45. A gidan sama maza 92, mata 74. A na ƙasa maza 35, mata 15. Waɗannan yara ne da sauran tambayoyi suka nuna ƙarfinsu ɗaya, amma a wannan tambayar kaɗai mata suna baya a kowane gida. To nan akwai alamar tambaya. Da a ce a kowane gida maza da mata sun zo kusan kai da kai, ko da a jimilla mata sun fi faɗuwa don sun fi yawa a gidan ƙasa, da tambayar ba ta da laifi, sai a koma a binciki koyarwa. Manyan hukumomin jarrabawa na duniya suna yin wannan kwatancen da wata dabarar ƙididdiga ta Mantel da Haenszel, wadda aka fara wallafawa a 1959 don binciken cututtuka, daga baya masu jarrabawa a Amurka suka are ta a shekarun 1980. Asalin tunanin dai shi ne wannan kasa gida-gida.

Alƙaluma ba su yanke hukunci su kaɗai. Tambaya a darasin halittu kan jinin al'ada tana iya nuna mata sun fi maza ci a kowane gida. Ba za a cire ta ba, domin tana cikin manhaja, kuma namijin da zai karanta aikin likita dole ya sani. Ita kuwa dokar makin ƙwallo ba ta cikin manhajar lissafi. Gyaranta ma layi ɗaya ne: a rubuta cewa nasara maki 3 ce, kunnen doki 1. Ba sai an kori ƙwallo daga jarrabawa ba, ni ban yarda da masu son a wanke tambayoyi tas har su rasa ɗanɗanon rayuwa ba. A dai ba kowa abin da yake buƙata a cikin tambayar.

Hanyar lissafin tana da iyaka guda biyu da ya kamata malamai su sani. Aji mai yara 40 ya yi kaɗan, in ka kasa su gida uku, yarinya biyu su yi kuskure sai alƙaluma su yi tsalle. Ana son ɗaruruwa a kowane ɓangare, don haka makaranta ɗaya ta fi dogara da karatun malamai, ko kuma makarantu su haɗa sakamakon jarrabawar gwajinsu. Na biyu, jimillar makin da aka kasa yara da shi daga jarrabawar ya fito. Idan tambayoyi da yawa sun karkata gefe ɗaya, ma'aunin kansa ya gurɓata, yarinya mai ƙoƙari za ta faɗa gidan da bai kai matsayinta ba, karkatar ta ɓuya. Maganin da ake yi shi ne a cire tambayoyin da aka fara zargi, a sake haɗa jimilla ba tare da su ba, a sake kasa yaran, sannan a sake duba kowace tambaya daga farko.