Waiwaye: yadda wayar salula ta kashe sana'o'i, ta haifi wasu, ta dawo ta kashe waɗanda ta haifa

Duk lokacin da aka taso da maganar sabuwar fasaha za ta raba mutane da aiki sai ka ji an rabu gida biyu, wasu na cewa shi ke nan an gama da talaka, wasu na cewa ai ba komai wasu ayyukan za su fito. Masana tattalin arziki sun daɗe da wannan gardamar. Joseph Schumpeter, mutumin Ostiriya da ya koyar a Harvard, a littafinsa na 1942 ya ce haka jari-hujja yake tafiya, sabon abu ba ya zuwa ya zauna kusa da tsoho lafiya lau, sai ya rusa shi ya gina nasa a gurin. Har Nobel ta tattalin arziki ta 2025 kan wannan batu aka ba Joel Mokyr da Philippe Aghion da Peter Howitt. To mu nan ba sai mun je Amurka neman misali ba, labarin wayar tarho a Najeriya kaɗai ya ishe mu, kuma yana nuna wani abu da duka ɓangarorin biyu ba su cika faɗa ba.

Kafin 2001 kusan duk waya ta NITEL ce, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1985. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 amma layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba. Lambar Kano 064, Kaduna 062, Legas 01. Ka cike fom ka jira wata da watanni, wani ma shekaru, sai dai in kana da hanya. Saboda wannan ƙarancin sai sana'o'i suka tsiro a gefe. Akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, akwai direbobin tasha da ake ba saƙo a kai Legas ko Fatakwal, akwai masu ɗaukar murya a kaset a aika wa ɗan uwa da ke Makka ko Kumasi ya saurara ya ɗauko tasa amsar, akwai masu sayar da katin gaisuwa na rediyo irin na Zaɓi Sonka. Sannan ga shagunan buga waya, inda mai layin NITEL ɗaya zai sa benci mutane su yi layi, har ma a aika yaro ya kira maka wane a unguwa ya zo ya jira za a sake bugowa bayan minti goma. Duk waɗannan ba wani abu suke sayarwa ba illa rashin waya.

A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, lokacin Ernest Ndukwe ke shugabanta, ta yi gwanjon lasin GSM, kowane lasi dala miliyan 285. A Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Abin da mutane ke mantawa shi ne wayar ba ta shigo hannun talaka kai tsaye ba, layi kaɗai ba wayar ba sai ka ajiye dubban nairori masu yawa, wasu har sama da dubu 20 suka saya, kira kuma naira 50 a minti, ko ka yi sakan biyar ka kashe an cire maka kuɗin minti guda. Nan ne filashin ya samo asali, ka buga ka katse mai kuɗi ya kira ka.

To wannan tsadar ita ta haifi sana'ar lema. Tebur ɗaya, kujera biyu, lema mai launin kamfani, waya ɗaya ko biyu ɗaure da igiya don kar a gudu da ita. Kamfanonin suna da tsarin da mai kira da yawa zai biya wani kuɗi tun farko a rage masa farashin minti, mai lema shi ne ke sayen wannan sari ya sayar ɗaiɗai. Mu yi lissafi na misali don a ga inda ribar take: a ce minti yana faɗo masa a naira 25 yana sayarwa 30, ribarsa biyar a minti, in ya samu minti 200 a wuni ya tashi da naira dubu, a lokacin da mafi ƙarancin albashin gwamnatin tarayya yake 7,500 a wata. Ka ga ba ƙaramar sana'a ba ce. Kuma jarinta kaɗan, ba ta buƙatar takardar makaranta, shi ya sa ta cika kowace kwana da bakin kowace makaranta da tasha.

Amma ka duba lissafin da kyau, ribar gaba ɗaya tana rataye ne a kan abu biyu, mutane ba su da waya, kuma wanda ke da ita ma kiransa ya fi na mai lema tsada. Ranar da ɗaya daga ciki ya kau sana'ar ta fara mutuwa. A Agustan 2003 Glo ta shigo da cajin kira a kan sakan, abin da a da ake nuna wa mutane kamar ba zai yiwu nan kusa ba, ai kuwa sauran kamfanonin suka bi dole. Kuɗin layi ya yi ta faɗuwa har ya koma kusan kyauta, wayoyin Nokia masu araha da na Chana masu layi biyu suka cika kasuwa, Etisalat ta ƙara shigowa a 2008 gasa ta ƙara zafi. Babu wanda ya kafa doka ya hana lema, babu wanda ya kore su, kawai kwastoma ne ya daina zuwa saboda wayar na aljihunsa. Sana'ar da ta ture shagon NITEL ita ma da ƙyar ta yi shekara goma da ƙarfinta.

Da yawansu sai suka koma sayar da katin waya, wanda da ma suna haɗawa da shi. Nan ma an ci abinci sosai, daga manyan diloli zuwa masu buga kati a firinta zuwa yaron da ke yawo da shi a danja, kowa na cin 'yan nairori a kan kowane kati. A lokacin sai ka kankare ka danna *555* da lambobin in MTN ne. Sai bankuna suka fito da sayen kati kai tsaye daga asusu, ka danna 'yan lambobi ko ka buɗe manhaja kuɗi ya shiga, ba kankara ba fita cikin rana. Katin takarda bai mutu ƙurmus ba, a ƙauye har yanzu ana saye, amma waccan kasuwar da ake yi kamar ba gobe ta wuce. Haka shagunan kafe na intanet, da ake biya a kwana ana lilo, wayar Android da data suka cinye su, waɗanda suka rage yanzu rajistar jarabawa da buga takardu ke riƙe da su. Masu hoto na sitidiyo da masu wankin fim, masu sayar da kaset da faifan CD, masu gyaran agogo, har masu tocilan, duk waya ɗaya ta taɓa kowa.

Ita kanta NITEL fa? Ba a kulle ta rana ɗaya ba, ruɓewa ta yi a tsaye. An yi ta ƙoƙarin sayar da ita ana kasawa, Transcorp ta karɓa a 2006 gwamnati ta ƙwace a 2009, daga ƙarshe wani kamfani mai suna NATCOM ya sayi kadarorin a kan kusan dala miliyan 252 ya fito da layin ntel a 2016. Ma'aikata dubbai aka sallama, wasu suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na fansho. Nan ne nake ganin masu cewa "ai wasu ayyukan za su fito" suke yin wayo da lissafi. Gaskiya ne sun fito, kuma sun ninka waɗanda suka mutu nesa ba kusa ba, layukan waya a ƙasar nan sai da suka haura miliyan 200. Ka shiga kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ka ga dubban matasa masu gyara, masu canza sikirin, masu sayar da caja da murfi, masu tura waƙa da fim. Amma ba mutum ɗaya ba ne ya rasa kuma ya samu. Injiniyan NITEL ɗan shekara 50 da ya ƙware a jan wayar tagulla a kan falwaya ba shi ne ya koma gyaran Tecno a Farm Centre ba, ɗan shekara 19 ne ya samu wannan. A takarda ƙasa ta ci riba, a gidan wancan dattijon kuwa asara ce zalla, kuma ribar ba ta taɓa biyo shi gida ta biya shi ba.

Yanzu lemar ta dawo bakin titi, sai dai na'urar POS ce a kan teburin. Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar wakilan banki tun 2013, amma abin ya fashe ne sosai da su Opay da Moniepoint, sannan wahalar kuɗi ta farkon 2023 lokacin canjin naira ta sa mai POS ya zama sarki, har ana sayen naira da naira. In ka yi masa tambayar da muka yi wa mai lema, me yake sayarwa a zahiri, amsar ita ce nisan banki da layin ATM da kuma mai kayan miya da ba ya karɓar taransifa. To yau mai shayi da mai nama da ɗan adaidaita duk sun liƙa lambar asusu, kuma masu POS sun yi yawa har ka ga huɗu a kwana ɗaya suna rabon kwastoma guda. Alamun da aka gani a lema kenan kafin ta faɗi, masu yi suna ƙaruwa, ribar kowane ciniki tana raguwa, kwastoma kuma ya fara iya yi wa kansa. Ban ce gobe za ta mutu ba, a garuruwan da ba reshen banki ko ɗaya za ta daɗe, don can giɓin bai rufe ba.

Mai cajin waya ma layinsu ɗaya, janareto da allon soket ɗari yana karɓar kuɗi a kan kowace waya, jarinsa na gaskiya rashin wutar NEPA ne, kuma ƙananan sola da fawabank suna ta sauka ƙasa a farashi. Mai gyara ya ɗan fi su tsayawa da ƙafa tunda shi hannu da sani yake sayarwa, mai waya ba zai iya ɗaga ƙaramin IC, wato ɗan guntun da ke manne a allon cikin waya, da iska mai zafi a ɗakinsa ba. Shi ma dai da sharaɗi, in wayar dubu 60 ta fashe aka ce sikirin dubu 35 ne, da yawa gwara su ƙara kuɗi su sayi wata, shi ya sa za ka ga masu gyaran da suka daɗe a kasuwa sun fi karkata ga manyan wayoyi masu tsada da kuma cinikin na hannu.