Ma'anar Teburin Maimaici da Yadda Ake Fitar da Ma'aunai Huɗu Daga Cikinsa

Teburin maimaici hanya ce ta taƙaita alƙaluma masu yawa, inda ake rubuta kowace lamba sau ɗaya tak, sannan a rubuta a gefenta ko sau nawa ta fito. Ana yi wa lambar alama da x, ana yi wa yawan fitowarta alama da f, kuma wannan f ɗin shi ake kira maimaici, wato abin da ɗalibai suka saba ji a aji da sunan firikwensi. Daga wannan tebur ake fitar da ma'aunai huɗu da suke yawan zuwa a jarrabawar lissafi ta WAEC da NECO: matsakaici, wanda ake kira min, lambar tsakiya, wadda ake kira midiyan, lamba mafi yawan fitowa, wadda ake kira mod, da ma'aunin warwatsuwa, wanda ake kira sitandad dibiyeshan. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kowane layi na teburin yana wakiltar mutane ko abubuwa da yawa ne, kuma kusan duk kuskuren da ake yi a wannan lissafi yana faruwa ne idan aka manta da haka.

A ɗauka cewa wata ƙungiyar manoma mai mutum 20 ta rubuta yawan buhunan shinkafar da kowane manomi ya samu a damina ɗaya. Mutum uku sun samu buhu uku-uku, mutum shida sun samu huɗu-huɗu, mutum huɗu sun samu biyar-biyar, wasu huɗun sun samu shida-shida, mutum biyu sun samu bakwai-bakwai, sai kuma mutum ɗaya mai babbar gona a fadama da ya samu buhu 13. Ga teburin, tare da ginshiƙai uku da za mu buƙata nan gaba.

| x | f | tarin f | fx | fx² |
|---|---|---|---|---|
| 3 | 3 | 3 | 9 | 27 |
| 4 | 6 | 9 | 24 | 96 |
| 5 | 4 | 13 | 20 | 100 |
| 6 | 4 | 17 | 24 | 144 |
| 7 | 2 | 19 | 14 | 98 |
| 13 | 1 | 20 | 13 | 169 |
| Jimla | 20 | | 104 | 634 |

Mod ba ya buƙatar lissafi. Ana duba ginshiƙin f ne a nemo lamba mafi girma, wadda a nan ita ce 6, sannan a koma gefenta a karanta x, wato 4. Amsar ita ce buhu 4, domin shi ne abin da manoma mafi yawa suka samu. Wanda ya rubuta 6 ya ba da yawan manoman ne a maimakon yawan buhunan.

Matsakaici yana amsa wata tambaya daban: da za a tara duk shinkafar a wuri ɗaya a raba ta daidai wa daida, nawa kowa zai samu? Don a san jimlar shinkafar, dole a ninka kowace x da f ɗinta, domin manoma shida masu buhu huɗu-huɗu sun kawo buhu 24 ne gaba ɗaya. Wannan shi ne ginshiƙin fx, kuma jimlarsa 104 ce. Sai a raba da jimlar f, wato 20. Alamar Σ da ke cikin ƙa'idar tana nufin a tara duk abin da ke cikin ginshiƙin.

```
x̄ = Σfx / Σf = 104 / 20 = 5.2
```

Matsakaicin buhu 5.2 ne, ko da yake babu manomi ko ɗaya da ya samu daidai haka, kuma wannan ba matsala ba ce. Kurakurai biyu sukan faru a nan. Na farko, mutum ya raba 104 da 6, wato yawan layukan tebur, ya samu kusan 17.3, wannan yana da sauƙin ganewa, domin matsakaici ba zai taɓa wuce lamba mafi girma ba, kuma mafi girma a nan 13 ce. Na biyun ya fi haɗari: mutum ya tara lambobin x kawai, ya samu 38, ya raba da 6, ya samu kusan 6.3. Amsar tana tsakanin 3 da 13, saboda haka ido ba zai yi saurin ƙin ta ba, alhali an ba manomi ɗaya mai buhu 13 nauyi daidai da na manoma shida masu buhu huɗu.

Midiyan kuwa sai a yi tunanin an jera manoman 20 a sahu, daga mai ƙaramin rabo zuwa mai babba, ana neman wanda ya tsaya a tsakiya. Matsayin tsakiya shi ne a ƙara 1 a kan jimlar f a raba biyu, wato 21 a raba biyu, 10.5. Ma'anar wannan ita ce tsakiyar ta faɗo tsakanin mutum na 10 da na 11. A nan ne ginshiƙin tarin f yake aiki, wanda ake samu ta hanyar tara maimaicin layi bayan layi. Ya nuna cewa mutum na 1 zuwa na 3 suna da buhu 3, na 4 zuwa na 9 suna da buhu 4, na 10 zuwa na 13 suna da buhu 5. Tunda na 10 da na 11 duka suna da 5, midiyan 5 ne. Da a ce na 10 yana da 4, na 11 yana da 5, sai a haɗa su a raba biyu a samu 4.5. A lura cewa 10.5 matsayi ne a cikin sahu, ba ita ce amsar ba, kuma tsakiyar layukan tebur, wadda za ta ba da 5.5, ba ita ce tsakiyar manoman ba.

Yanzu muna da mod 4, midiyan 5, matsakaici 5.2. Wannan jeri yana nuna cewa akwai wani abu da yake jan matsakaici zuwa sama, kuma mun san ko mene ne: buhu 13 na mai fadama. Idan aka cire shi, manoma 19 za su rage da buhu 91, matsakaici ya sauko zuwa kusan 4.79, amma midiyan ya tsaya a 5, mod ya tsaya a 4. A ganina, duk wanda zai ba da rahoton amfanin gona ko kuɗin shigar jama'a ya kamata ya kawo midiyan tare da matsakaici, domin a irin waɗannan alƙaluma 'yan tsiraru masu yawan samu sukan ɗaga matsakaici sama da abin da galibin mutane suke samu.

Ma'aunin warwatsuwa shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Karl Pearson, masanin lissafi ɗan Birtaniya, shi ne ya fara amfani da sunansa na Turanci a rubuce a shekarar 1894, kuma abin da yake aunawa shi ne yadda lambobi suka yi nesa da matsakaicinsu. Ƙungiyoyi biyu za su iya samun matsakaici ɗaya, amma a ɗaya kowa yana kusa da buhu biyar, a ɗayar kuma wasu ba su samu komai ba, wasu sun cika rumbu.

Mutum zai iya tambaya, me ya sa ba za a tara tazarar kowa daga 5.2 a raba da 20 kawai ba? Dalili shi ne waɗanda suke ƙasa da matsakaici suna ba da tazara mai alamar ragi, waɗanda suke sama suna ba da mai alamar ƙari, kuma kullum suna cinye juna. A teburinmu, na ƙasa sun tara ragin 14.6, na sama sun tara ƙarin 14.6, jimla sifili. Saboda haka ake ninka kowace tazara da kanta domin alamar ragi ta ɓace. Masu buhu 3 suna da tazarar 2.2, wadda idan aka ninka ta da kanta ta zama 4.84, a ninka da manoma uku a samu 14.52. Haka za a bi sauran layukan a samu 8.64, da 0.16, da 2.56, da 6.48, da 60.84, jimla 93.2. Idan aka raba da 20 za a samu 4.66, wanda ake kira bariyans. Tunda an ninka tazarar da kanta, wannan lamba ba a ma'aunin buhu take ba, sai an ɗauki tushenta, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 4.66. Tushen kusan 2.16 ne, kuma shi ne ma'aunin warwatsuwa, a buhu.

Akwai gajeriyar hanya da ke ba da amsa iri ɗaya, kuma ita ce dalilin ginshiƙin ƙarshe na teburin, wanda ake samu ta ninka fx da x. A cikin ƙa'idar, σ² ita ce alamar bariyans, σ kuma ta ma'aunin warwatsuwa:

```
σ² = Σfx² / Σf − x̄² = 634 / 20 − 5.2² = 31.7 − 27.04 = 4.66
σ = √4.66 ≈ 2.16
```

Wannan hanya ta fi sauri, amma tana da wurare biyu na tuntuɓe. Na farko shi ne a ninka fx gaba ɗaya da kansa, a rubuta 576 a layi na biyu a maimakon 96, alhali x kaɗai ake ninkawa da kanta kafin a ninka da f. Wanda ya yi haka zai samu jimlar 1998, kuma amsarsa ta ƙarshe ta kai kusan 8.5. Ana gane wannan kuskure da wata ƙa'ida mai sauƙi: ma'aunin warwatsuwa da aka raba da jimlar f ba ya wuce rabin tazarar da ke tsakanin lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta. Tazarar a nan 10 ce, rabinta 5, don haka 8.5 ba za ta yiwu ba. Na biyu shi ne gaggawar daidaita matsakaici zuwa cikakkiyar lamba. Idan aka mai da 5.2 ta zama 5, za a debe 25 a maimakon 27.04, bariyans ya koma 6.7, amsa ta koma kusan 2.59. Haka nan idan bariyans ya fito da alamar ragi, to lallai an yi kuskure a wani wuri, domin jimlar lambobin da aka ninka da kansu ba ta sauka ƙasa da sifili.

Yana da kyau a sake duban 60.84 ɗin nan. Manomi ɗaya ne ya kawo ta, amma ta kai kusan kashi biyu cikin uku na jimlar 93.2, saboda ninka tazara da kanta yana ƙara wa tazara mai nisa nauyi ƙwarai. Idan aka cire shi, ma'aunin warwatsuwa zai faɗo daga 2.16 zuwa kusan 1.24. Wannan bai ba da damar a goge shi daga tebur ba, tunda shinkafarsa ta gaskiya ce. Abin da ya wajaba shi ne a tabbatar ba kuskuren rubutu ba ne, sannan a ambaci tasirinsa a cikin rahoto.

Idan manoman 20 samfuri ne da aka zaɓo domin a ƙiyasta halin dukan manoman yankin, to ana raba 93.2 da 19 ne, wato jimlar f a debe ɗaya, sannan a ɗauki tushe, amsar ta zama kusan 2.21. Kwalkuleta ta kimiyya takan nuna duka biyun, ɗaya da alamar σx, ɗaya da alamar sx, kuma dole a san wanda tambaya take nema kafin a kwafa.

Wani lokaci tebur yakan zo da rukuni-rukuni, kamar buhu 1 zuwa 5, da 6 zuwa 10. A irin wannan hali ana ɗaukar tsakiyar kowane rukuni a matsayin x, wato 3 da 8, sannan a bi matakan matsakaici da na warwatsuwa yadda aka nuna a sama. Sai dai amsar da za a samu ƙiyasi ce, domin an ɗauka kowa a cikin rukuni yana daidai tsakiyarsa, kuma manomin da ya samu buhu ɗaya da wanda ya samu biyar duk an lissafa su a matsayin masu buhu uku.