Abin da ke sa jarumin wasa ratsa daɓe idan waya ta yi nauyi

Malam, ina haɗa wasa a nan Marwa. A kwamfutata lafiya lau, amma a tsohuwar wayar ƙanena jarumin yakan faɗo daga sama ya ratsa daɓe ya ɓace. Me ke jawo haka?

Ɗan'uwa, jarumin naka ba ya tafiya a hankali kamar yadda ido ke gani. A kowane firam, wato kowane hoto ɗaya da ake zanawa a allo, injin wasa yana ɗauke shi daga wuri ɗaya ya ajiye shi a wani, sa'an nan ya duba ko jikinsa ya taɓa wani abu a inda ya sauka. Abin da ke tsakanin wuraren biyu kuwa ba a duba shi. Tsawon wannan taku shi ne gudun jarumin sau lokacin da firam ɗin ya ci.

Mu ɗauka tsayin jarumin mita 1 ne, kaurin daɓen mita 0.2, kuma yana faɗowa da gudun mita 30 a daƙiƙa. Tazarar da jikinsa zai iya haɗuwa da daɓen ita ce jimillar biyun, wato mita 1.2. A kwamfutarka mai firam 60 a daƙiƙa, takunsa rabin mita ne, saboda haka dole wani taku ya faɗa cikin tazarar. A wayar ƙanenka kuwa, idan ta sauko zuwa firam 15, takun ya zama mita 2: yanzu ƙafarsa tana saman daɓen, a firam na gaba kansa ya riga ya wuce ƙasansa, injin bai ga komai ba.

To me ya sa wani lokaci yakan tsaya daidai?

Saboda ya danganta da inda takun ƙarshe ya faro. Cikin mita 2 ɗin nan, mita 0.8 ne kawai ke ba shi hanyar wucewa, wato kusan sau 4 cikin 10. Ga kuma zafi: wayar da ta ɗau zafi a ranar Afrilu irin ta Marwa takan rage gudunta da kanta, firam ya ragu. Kada ka jira sa'a wajen gwaji. Ka ƙayyade firam zuwa 15 a kwamfutarka, ka sako jarumin daga wuri mafi tsawo sau da yawa.

Wane gyara zan fara yi?

Ka raba lissafin motsi da zanen hoto. Maimakon ka ba motsi duk lokacin da firam ya ci a dunƙule, ka tara lokacin, ka riƙa kashe shi da ƙananan taku masu tsawo ɗaya. A nan `dt` shi ne lokacin da firam ya ci, `tara` kuma yana farawa daga sifili:

```
tara += min(dt, 0.25)
while tara >= 0.02:
    motsa(0.02)
    tara -= 0.02
```

Da haka, firam mai nauyi a wayar ƙanenka zai yi taku uku ko huɗu na mita 0.6, kowanne da nasa dubawa. Iyakar 0.25 ɗin tana da muhimmanci ƙwarai, domin idan waya ta daskare na ɗan lokaci, biyan bashin takun da suka taru zai ƙara mata nauyi, sabon bashi ya hau kan tsoho har wasan ya tsaya cik. Cikin injinan haɗa wasa, Unity yana da wannan tsari a `FixedUpdate`, wanda asalin saitinsa daƙiƙa 0.02 ne, Godot kuma a `_physics_process`, sau 60 a daƙiƙa. Kuskuren da na fi gani shi ne a canza `transform.position` kai tsaye cikin `Update`, wanda ke tsallake duk wannan kariya.

Shi ke nan matsalar ta ƙare?

Da saura. Da taku na daƙiƙa 0.02, jaruminka zai sake iya ratsawa idan gudunsa ya haura mita 60 a daƙiƙa, harsashi kuwa, da yake ƙarami ne, tun kafin nan. Akwai ma wata illa: idan taku ya nutsar da tsakiyar jikinsa har ta wuce tsakiyar daɓen, injin zai iya fitar da shi ta ƙasa, domin nan ce hanya mafi kusa.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne a share hanya kafin a motsa: a ja siffar jarumin daga inda yake zuwa inda za shi, a tsayar da shi a wurin da ya fara cin karo da wani abu. A Unity, ka mayar da `Collision Detection` na `Rigidbody` daga `Discrete` zuwa `Continuous`; a Godot, `move_and_slide` yana yin wannan sharar da kansa. Tana cin ƙarfin waya, don haka ka ba abubuwa masu gudu kaɗai.

Ba zan iya ƙara wa daɓen kauri kawai ba?

Za ka iya, kuma ina ba ka shawara ka yi. Ka bar hoton daɓen siriri, ka sa akwatin karonsa, wato siffar da ba a gani wadda injin ke duba karo da ita, ya yi mita 2 zuwa ƙasa, ka kuma kafa wa gudun faɗuwa iyaka. Sai dai dabarar ba ta aiki a kan bene siriri da ake bi ta ƙarƙashinsa, domin jarumin zai riƙa buga kai da abin da ba a gani. A irin wannan wuri sai sharar hanya.