Takardar CAC ba lasisin kai mutum aikatau waje ba ce

Maganganu biyu ke yawo a guruf-guruf na mata a kan aikatau a Saudiyya da Oman da Iraƙi, kuma dukkansu akwai gyara. Wasu na cewa gwamnati ta haramta wa mace fita aiki waje kwata-kwata, don haka dole a bi ta bayan fage a yi shiru. Wasu kuma sun ce ai in dai ejan ya nuna miki satifiket ɗin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shi ke nan kamfani ne na gaskiya. Ejan ɗin bogi yana jin daɗin duka biyun, don ta farko tana sa ki ɓoye maganar, ta biyu tana sa ki daina tambaya.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta ce fita aiki waje laifi ba ne. Abin da sashe na 23 ya hana shi ne wani ya ɗebi ma'aikata ba tare da izini ko lasisi ba, kuma wannan ya hau kan kowa, mai ofis da allon suna da Hajiyar unguwa da ke haɗa 'yan mata daga falonta. Lasisin daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya yake fitowa, a jikinsa za ki ga an rubuta Recruiter's Licence, kuma na ɗaukar ma'aikata a cikin gida daban yake da na fitar da su waje. CAC rajistar suna kawai take yi, mai shagon atamfa ma yana da takardarta. Haka lasisin hukumar alhazai ta NAHCON, na jigilar alhazai da masu umara ne, bai ba kowa ikon sama wa mutum aiki ba. Dokar ta kuma ce kafin ma'aikaci ya bar ƙasa sai likita ya duba shi, a kai shi gaban jami'in ƙwadago ya tabbatar ya fahimci kwantiragin kuma ba tilasta shi aka yi ba. To wanda ya ce miki jibi za ki tashi, ba ki ga jami'in kowa ba, ya riga ya tsallake wannan.

Bari mu ɗauki misali irin wanda aka saba ji. An ce wa bazawara mai 'ya'ya biyu ga aiki a Jidda, riyal 800 a wata, ba za ta biya ko sisi ba, ejan zai yi fasfo da biza da tikiti a riƙa cirewa a albashi. Abu na farko da za a tambaya, wace iri ce bizar? In aka ce ta umara ce ko ta ziyara, "in kin isa za a juya ta", to maganar ta ƙare a nan, don bizar umara ba ta ba da izinin aiki, in kwanakinta suka cika mutum ya zama ɗan tazarce. Ba igama, wato takardar izinin zama, ba kwantiragi da hukuma ta sani, in uwar gida ta riƙe albashin wata huɗu ba inda za ta kai ƙara ba tare da ta tona kanta ba, ƙarshe sai kame da zaman gidan tsare baƙi na Shumaisi kafin a maido ta. A Saudiyya ɗaukar 'yar aikin gida daga waje ta halal ta manhajar Musaned yake bi, da sunan mai gidan da albashi a rubuce. Ki ce a nuna miki wannan kwantiragin tun kina gida, a karanta miki shi da harshen da kike ji, a ba ki kwafi ki bar wa 'yan uwa.

Sai bashin. Nawa ne jimillarsa, wata nawa za a yi ana cira, a ina aka rubuta? In riyal 800 ne aka ce wata shida na farko na ejan ne, riyal 4,800 ke nan, gara ki san haka tun yanzu. Amma yawanci ba sa faɗin adadi, kuma da gangan ne, don bashin da ba a yanke ba ba ya ƙarewa, duk sanda ta ce za ta dawo sai a ce ai ba ki gama biya ba.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne maganar yarda. Za ka ji ana cewa ai ba sace ta aka yi ba, da ƙafarta ta je filin jirgi, har mahaifinta ya sa hannu. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ke aiki da ita, ta toshe wannan ƙofar a sashe na 13. In an samu yardar ta hanyar yaudara, ko barazana, ko an yi amfani da halin ƙuncin da mutum ke ciki don a ci da guminsa, to yardar ba ta wanke wanda ya kai ta. An ce mata rainon yara biyu a Jidda, ta tsinci kanta tana wa gida uku bauta an ƙwace fasfo, abin da ta amince da shi daban, abin da aka yi mata daban. In kuma yarinyar ba ta kai shekara 18 ba, ko yaudarar ma ba sai an tabbatar ba. Hukuncin wannan sashe ɗauri ne da bai gaza shekara 2 ba da tarar da ba ta gaza naira 250,000 ba, na aikin tilas a sashe na 22 kuma bai gaza shekara 5 da naira miliyan 1 ba. Ku lura da "bai gaza ba", wato mafi ƙaranci ke nan, alƙali na iya ƙarawa. Kuma mai nemo 'yan mata a ba ta kamasho ba ta tsira don ba ita ta buga biza ba, ɗebowar kanta tana cikin abin da dokar ta lissafa.

Tsoron cewa in an kai ƙara matar da aka kai ce za a kama, shi ma dokar ta taɓo shi, ta ce wadda aka yi safararta ba a tsare ta ko gurfanar da ita saboda abin da safarar ta jawo, kamar rashin ingantattun takardun tafiya, in yanayin ya nuna haka. Amma wannan kariya ta Najeriya ce, ba ta hana 'yan sandan wata ƙasa aiki da dokarsu.

Ni a ganina naira 250,000 yau ba ta tsorata mai wannan harka, ɗaurin ne kawai abin tsoro. Kuma ba adalci ba ne a ce wa matar ƙauye ta bi hanyar halal alhali cibiyoyin wayar da kan masu fita aiki da aka fara buɗewa suna Legas da Abuja da Benin, shi kuwa ejan yana bakin ƙofarta.

Duk da haka tantancewar ba ta da tsada. Ki karɓi lambar lasisin da cikakken sunan kamfanin, a je ofishin ƙwadago na tarayya da ke jiharku a tambaya ko yana aiki har yanzu kuma na waje ne. A duba ko asusun da za a tura kuɗi da sunan kamfanin yake ko na wani mutum. Ki tambayi sunan kamfanin da zai karɓe ki a can, da wanda fasfonki zai zauna a hannunsa. In ejan ya fusata, ko ya ce kar ki faɗa wa kowa sai kin isa, ko ya koya miki ki ce wa imigireshan ziyara za ki, a kira NAPTIP a 627 ko a je ofishinsu na Kano kafin a ba da fasfo.